Inuwar da Sharhabil ya sa wa kekensa

A saman wani shagon sayar da firinta a Doka, Oga Datti yana da ɗan kamfanin haɗa gem na waya. Bana an ba su gurbi ɗaya a wani baje kolin gem a Abuja. Masu shiryawa suka ce a turo guda biyu, su gwada, su zaɓi ɗaya. Biyun kuwa su ne na Sharhabil da na Nusaiba.

Gem ɗin Sharhabil tseren Keke Napep ne cikin cunkoso. Hotonsa ba wani kyau, gidaje kamar kwalayen ashana, amma yana tafiya da firam sittin, wato wayar tana zana sabon hoto sau sittin a kowace daƙiƙa. Da ka taɓa gilashin wayar keken ya kauce. Na Nusaiba labari ne na wata mata mai neman ƙaninta a kasuwa, ana tafiya a hankali ana tambayar mutane. Ta ɗaure shi a firam talatin, ta cika shi da haske da inuwa, har tururin masa ana gani.

Duk baƙon da ya hawo benen, teburinta yake nufa. "Kai! Kamar fim!" Sharhabil yana ji, yana danna madannai kamar su suka yi masa laifi. Kishi ne ya cika shi fal, ko da yake shi da kansa yana kiran abin kishin sana'a.

"Talatin dai rabin sittin ne," ya ce wata rana, da ƙarfi yadda kowa zai ji.

Nusaiba ba ta ko ɗago ba. "Malam Sharhabil, a sittin kowane hoto yana da lokacin da bai kai kashi sha bakwai cikin dubu na daƙiƙa ba kafin a nemi na gaba. Ni ina da talatin da uku. Da rarar nake sayen inuwa. Matar gem ɗina ba tsere take ba, me za ta yi da sittin?"

Ya san haka sarai, ai shi ya fara koya mata. Wannan ɗin ma ya fi ƙona masa rai.

Sai ya ƙudura zai haɗa duka biyun, kyan nata da gudun nasa. Ya sa wa kowane keke inuwa, ya sa gilasan motoci suna ƙyalli, ya ƙara hayaƙin salansa da ruwa kwance a kwalta. A kwamfutarsa mai ƙarfi lambar firam tana nan a sittin daram. Akwai tsohuwar wayar gwaji a cikin durowa, wadda dokar ofis ta ce komai sai ya bi ta kanta. Ya dubi durowar, ya kau da kai, don ya san abin da za ta faɗa masa. Ranar rufe karɓa ya tura sabon, bai nuna wa kowa ba.

Da aka bugo daga Abuja, Oga Datti ya saurara, ya kashe, ya buɗe durowar da kansa. Ya sa sabon tseren a tsohuwar wayar, ya kunna kowa na kallo. Da farko abin sai son barka. Can wayar ta fara ɗumi, ta rage wa kanta gudu don kada ta ƙone, lambar ta faɗo arba'in da wani abu, ta hau, ta sake faɗowa. Hoto ya riƙa tsinkewa. Oga ya danna hagu a shataletale, keken bai ji ba sai da ya shige bayan tirela.

"Sun ce da irin wayoyin da mutane ke riƙewa suka gwada," in ji Oga Datti. "Na Nusaiba bai motsa daga talatin ba, naka yana rawa. Wallahi na sa rai naka za su ɗauka. A baje koli mutum a tsaye yake, abin da ya yi masa daɗi a yatsa shi yake tunawa. Wa ya aike ka?"

"Zan iya mayar da na da yanzu, Oga."

"Sun riga sun buga sunanta."

Ana ta yi wa Nusaiba barka, shi ma ya furta tasa da ƙyar. Bayan la'asar yana naɗe caja, Nusaiba ta tsaya a gefen teburinsa, ta juyo masa wayarta. Kekensa ne, tsohon, da gidajensa na kwali, yana gudu sumul.

"Kullum shi nake bugawa a hanyar komawa gida Kinkinau," ta ce. "Na yi ta ƙoƙarin matar gem ɗina ta riƙa jin yatsa kamar haka, na kasa, har haushinka nake ji. Don Allah kar ka turo min sabon, wannan nake so."