Sauke Ƙanwa Zuwa Sifili

Shekara tara ina motsa bakin 'yan katun. Mutum ya gama karanta littattafan duniya, ya ƙare a leɓen wata tsohuwa mai tallan man goge haƙori.

Aikin ba asiri ba ne. Akwai fuska a zaune a kwamfuta, sai siffofin baki da aka ƙera daga jikinta, kowace da maɓallin ja daga sifili zuwa ɗaya. Kana jin murya kana ja, suna haɗuwa. Mutanen kirki kan sa musu suna da harafi. Ni da dangin marigayiya matata na sa. Leɓe a matse, na "m" da "b", Suruka. Baki wangame na "a", Kawu, kamar ya hango tukunya. Zumɓuro na "u", Gwaggo.

Ranar da masu tallan, wato mutanen kamfanin man, za su zo kallo na makara wajen likitan ido, Darakta ya miƙa aikina ga sabuwar ma'aikaciya, ƙanwar matata. Ni na samo mata aikin, Allah ya yafe mini.

Na shigo na tarar tsohuwa na cewa "Barka, Baba" haɓarta a ƙirji, leɓunan ko gaisawa ba sa yi.

"Saura minti ashirin," in ji Darakta. "In bakin nan bai rufu ba, ka koma sashen ciyawa."

Sashen ciyawa mutum ɗaya ne, yana kaɗa ganyen katun tun bara.

"Yaya," in ji ƙanwar matata ba ta juyo ba, "wace ce Ƙanwa?"

"Muƙamuƙi ne kawai. Buɗewa."

"Shi ya sa na bar ta a ɗaya tun daga farko. Sunana ne, ba mai rage ni."

"To ai Kawu da nasa buɗewar a ciki! Siffofin tarawa suke yi. Kin ɗora buɗewa kan buɗewa, dole haɓa ta zube."

"Na ja Umma, Surukar taka, har ƙarshe, ta ƙi rufewa."

"Ina za ta rufu kina saman kanta? Sauke Ƙanwa zuwa sifili kafin kowane 'b', ki ɗaga Suruka kaɗan kafin sautin ya fito. Kawu rabi ya ishe shi."

"Kawu bai taɓa yarda da rabi ba."

"Don Allah."

"Sai ka ce Ƙanwa ta fi ka iya aiki."

Na dubi ƙofar sashen ciyawa. Na faɗa. Ta ce ba ta ji ba, na sake, har mai shara ya leƙo.

Ta sauke. Tsohuwa ta ce "Barka, Baba" tsaf, leɓe na haɗuwa kamar na mutum. Masu tallan suka yaba, Darakta ya bar ni a kujerata.

Washegari na tarar ta canza sunayen duka: MB, A, U. Sai fuskar asali, wadda komai nata ke sifili, ba fara'a ba motsi. Ita ta sa wa suna Yaya. Na duba sosai, ban ga abin gyarawa ba.