Inda Ɗakin Yake Yoyo

Ya danne jakar da gwiwa yana jan zif, zif ɗin ya ƙi.

"Kawu, mene ne yoyo?"

"Matsa min, Aku."

Ba banza ya laƙaba wa 'yar yayarsa wannan suna ba. Tun ranar da uwarta ta baro gidan miji ta dawo da ita, bakin yarinyar bai huta ba. Ɗakinsa aka ba su, shi ya koma kwana a kan benci a shagon askinsa, bayansa kamar an daka. Yau dai Inna, mahaifiyarsu, da sauran dangi sun yanke hukunci, yayar tasa ta koma gidan mijinta. Shi zai raka su da zarar hadarin da ya haɗo ya wuce.

"Inna ta ce wa Umma gidan Abba ba abin da babu. Sai Umma ta ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kawu, ɗakinmu na gidan Abba fa ba ya yoyo. Ƙarya Umma ta yi?"

Ya yi tsaki. "Karin magana ce."

"Mene ne karin magana?"

"Maganar da ake faɗin wani abu ana nufin wani."

"To me ya sa ba za a faɗi wanin ba?"

Ya saki jakar ya dafe kai. A makaranta malaminsu haddar ma'ana kawai yake ba su, ba wanda ya taɓa tsare shi haka. Ya jawo robar wanki daga ƙarƙashin gado ya miƙa mata.

"Ungo. Yanzu za a yi ruwa. Ajiye inda zai ɗiga."

Ta ɗaga kai ta ƙare wa silin kallo, ta ga wani baƙin tabo a tsakiya, ta ajiye robar a ƙarƙashinsa.

"Wannan tsohon tabo ne, na liƙe shi bara." Ya tura robar da ƙafa zuwa gindin ƙafar gado, inda silin yake fari tas.

Ba a jima ba ruwa ya kece a kan kwano. Suka zuba wa robar ido. Can sai ɗis, a tsakiyar roba. Ɗis.

"Kai! Kawu, ya aka yi ka sani?"

"Ni na saba kwana a nan. Ke ido kika bi, ni jiƙa na sha. Kin gane?"

"Na gane. A kai wa Umma roba."

"Wayyo Allah na! Ba ruwa ake nufi ba!"

Ya zauna a bakin gado yana huci. Sai idonsa ya sauka kan takalmanta jajaye masu ƙyalli, waɗanda ubanta ya aiko da su shekaranjiya tare da masu biko. Ta take bayan na hagu da dunduniya.

"Me kowa yake cewa a kan takalmin nan?"

"Wai ya yi kyau."

"Ke fa?"

Ta leƙa ƙofa, ta rage murya. "Yana cizo na a ƙaramin yatsa."

"Inna ta sani?"

"A'a. Ai ba ita ta saka ba."

"To shi ke nan. Takalmin ne ɗaki, cizon ne yoyo, ke ce mai ɗaki. Na waje kyau yake gani. Na ciki ne ya san ciwo." Ya miƙe. "Yanzu kawo naki misalin, in ga ko ya shiga, mu huta."

Ta hau wasa da igiyar jaka. Ya ɗauka ta manta, har ya koma kan zif.

"Kamar Abba," ta ce. "A waje yana raba wa yara alewa, kowa yana cewa na ji daɗi. Amma in ya rufe ƙofa da ƙarfi, ni na san bayan kujera ake shiga a toshe kunne. Na yi daidai?"

Hannunsa ya tsaya. Ruwa yana ɗiga a roba.

"Kawu, na yi daidai?"

"Kin yi."

Yayarsa ta ɗaga labule, gyale a kafaɗa, ƙafar siket ɗinta a jiƙe. Ba ta kalle shi ba.

"Ya fara tsagaitawa. Ka samo motar?"

Ya dube ta. Jiya da bakinsa ya ce mata ta yi haƙuri mana, mijin nata mutumin kirki ne, kowa ya shaida. Ya ja zif ɗin baya, ya juye kayan a kan gado.

"Me kake yi haka? Inna fa..."

"Ni zan yi wa Inna magana." Ya nuna robar da haɓa. "Yaya, nan ne yake yoyo. In iska ta juyo, da can bayan ƙofa. Kada ki ajiye kaya a wurin, damina da sauranta."

Ya sunkuya ya cire wa yarinyar takalman, ya ɗauki filonsa ya nufi shago.

"Kawu, mene ne tsagaitawa?"

"Tambayi uwarki!"