Kujerar Muhibbat

A shekarar 1998 wani asibiti mai zaman kansa kusa da unguwar Mokola ya sayi kwamfuta don adana bayanan marasa lafiya. Cikin ɗalibai masu koyon aikin jinya, 'yan unguwar Sabo biyu ne, Muhibbat da Ni'imatullahi, kuma Muhibbat aka ɗora a kujerar kwamfutar.

Abin ya tsaya wa Ni'ima a rai. Ita ce ke yin ta ɗaya a jarrabawa, amma ita ce ke kwasar tasar fitsari, yayin da matan unguwa ke kiran waccan "Muhibbat mai kwamfuta" kamar ita ta ƙera ta. Kishi kuwa kumallon mata ne.

Metiron, shugabar masu jinya, ta gindaya doka. Kowa da kalmar sirrinsa, ba a aro. Ba a buɗe bayanin wanda ba ka jinya. In za ka tashi ka fita daga sunanka, don na'urar tana riƙe sunan duk wanda ya buɗe.

Wata rana Muhibbat ta ji kiran azahar daga Sabo, ta zari hijabi ta tafi ba ta fita daga sunanta ba. Ni'ima ta ɗare kujerar, don dai ta ji daɗin da ake ji. Sunan farko da ya zo mata shi ne na maƙwabciyarsu Talatu. Ta buɗe bayaninta: ciki wata uku, bayan ɓari biyu. Ko uwar mijinta Talatu ba ta faɗa wa ba.

Da ta koma gida ta raɗa wa innarta, don a san ita ma tana taɓa na'urar. Inna kuwa fura take sayarwa, kowa sai ya shigo. Kafin Juma'a mata sun fara zuwa yi wa Talatu "sannu da nauyin jiki", suna cewa a kwamfuta aka gani.

Talatu ta kai ƙara tana kuka. Metiron ta duba, sunan Muhibbat ya fito.

"Wallahi ma, ina wurin salla," in ji Muhibbat.

"To wa ya bar ƙofa a buɗe?" in ji Metiron.

Aka sauke ta, aka ba Ni'ima kujerar da kalmar sirri ta kanta. Ta yi murna, ba sai an ɓoye ba.

Ranar awo Talatu ta shigo a rame. Da ta ga wadda ke zaune sai ta saki ajiyar zuciya, ta kama hannunta.

"Na yi niyyar daina zuwa, ƙanwata. Amma tun da ke ce yanzu, hankalina ya kwanta. Ki rufa min asiri."

Ni'ima ta juya ga na'urar. Sau biyu tana buga kalmar sirrin tana kuskurewa.