Katakon da Ruwa Ya Ci

Kafinta ya sayi katakon maɗaci ashirin a wurin mijin 'yarsa, ya biya nan take. Ƙofofin wani sabon gida zai yi, kuma mai gidan ya ce maɗaci yake so, ba wani ice ba. Shagon kafinta ƙunci gare shi, don haka ya ce wa surukin nasa, "Ka ware mini, su zauna a wurinka sai na samu fili." Surukin ya ware, ya shafa musu jan fenti a baki, ya jera su a jikin katanga.

Sai aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Kwata ta cika ta fasa katangar, katangar ta kwanta a kan katakon. Da ruwa ya janye rana ta buɗe, duk suka karkace, waɗansu suka tsage.

Tsohon ya zo ya tsaya a kansu, fensir a bayan kunne, jijiyar wuyansa ta miƙe.

"Kuɗina ko katakona."

"Baba, ai ga katakonka nan," in ji surukin. "Ni ban aiko ruwa ba."

"Ni kake gaya wa haka? Kana tsumma nake riƙe da zarto!"

Hayaniya ta jawo shugaban 'yan katako, wani mai ƙiba da ba ya gaggawa. Ya zauna a kan benci ya ce, "Malam kafinta, kai ka ce a ware maka?"

Babu wanda ya ji lokacin da tsohon ya faɗi hakan. Amma bai taɓa ƙarya don kuɗi ba, ba kuwa zai fara a gaban yaron nan ba.

"Ni na ce."

"To, da suna cikin tari ba a ware ba, asararsa ce. Amma an ware da yardarka, sun zama naka. Bai yi sakaci ba, nasa ma ruwan ya taɓa. Mai kaya shi ke da asara."

Surukin ya sauke numfashi. Wani daga baya ya ce, "Tsoho, sai a yi kujerun tsuguno!" Aka kwashe da dariya.

Kafinta bai kalli kowa ba. Ya durƙusa ya ja guda ɗaya, yana neman abin da zai tsira. Jiƙaƙƙen katako duk nauyi gare shi, hannu ba ya rarrabewa. Amma cikin tsagar ya ga haske. Ya fizge zarto daga kan teburin yanka, ya datse bakin katakon. Waje ja, ciki fari fat. Ya datse na biyu, ya datse na uku. Duk haka.

Ya jefa guntun a gaban shugaba. "Maɗacin ƙasarku ke nan? Maɗaci ja ne har zuciya. Wannan rina shi aka yi."

Dariya ta mutu. Shugaba ya juya guntun, ya soka masa farce, farcen ya shige.

"Wallahi haka aka kawo mini," in ji surukin. "Ni ma maɗaci na biya."

"Wannan tsakaninka da wanda ya kawo maka," in ji shugaba. "Ko ka sani ko ba ka sani ba, maɗaci ka ce. Abin da ka ware ba shi ya saya ba, don haka bai taɓa zama nasa ba. Naka ruwa ya ci. Ka ba shi maɗaci ashirin ko ka mayar masa da kuɗinsa."

Surukin ba shi da ko ɗaya a ranar. Da yamma 'yar kafinta ta zo shago, goyo a baya. Ta durƙusa cikin ɓarɓashin katako ta gaishe shi. Bai ɗago ba.

"Baba, jarinsa duk ya shiga ruwa. Akwai sauran irin katakon a rumfa, busasshe, ruwa bai taɓa ba. Ka ɗauka a rabin kuɗi. In ka shafa fenti, wa zai sani?"

Ya ajiye guduma. Ita ce autarsa, bai taɓa hana ta komai ba. Shi ya sa ransa ya ƙara ɓaci.

"Shi ya aiko ki?"

"Ni na zo da ƙafata."

"Na ce wa mutum maɗaci. Gara ta cinye ƙofa baɗi, sunan wa za a kira? Na mijinki?"

"Baba, don Allah. Ko don jikanka."

Ya dubi yaron, ya dubi uwar. Ya ɗauki gudumarsa.

"Ba zan ɗauka ba."