Buhu Takwas da Gona Ba Ta Haifa Ba

Tunda Mu'azu ya shigo gidansu na unguwar Banifandu da tsire a takarda, zuciyar Indo ta ƙi kwanciya. Mijin nata ba ya sayen tsire haka kawai.

Ita ke riƙe da littafin gonarsu ta bayan gari. Tiyar iri, kuɗin 'yan ƙwadago, komai da hannunta ta rubuta. Bana dami ɗari suka ɗaure. An fitar da goma zakka, goma aka ba waɗanda suka yi girbi, sauran tamanin da aka sussuka suka ba da buhu goma sha biyu. Amma da safe ta leƙa mangazar da suke ajiye hatsi ta ga buhu ashirin.

"Maigida, hatsin namu haihuwa yake yi?"

Ya yi dariyar da ba ta kai ido ba. "Takwas na saya wajen maƙwabta, zan kai kasuwar Katako in farashi ya hau. Ki rubuta duka girbinmu ne, uwargida. Manomin da ya sayar da nasa ba ya biyan harajin patanti, mai saye ya sayar shi ne ɗan kasuwa."

Ta daɗe tana kallon fuskar nan da take so. In ya iya sa ta yi wa ma'aikatan haraji ƙarya yana murmushi, ita wace ƙarya yake yi mata?

Ta jawo littafin, ta buɗe sabon shafi, ta rubuta "saye: buhu takwas".

"Nawa ka ba su? Kuma ina ka samo kuɗin?"

Mu'azu ya daina tauna tsiren da ke bakinsa.