Ɗakin Ajiyar Dagaci Hamma

Shekara goma sha tara mabuɗin ɗakin ajiyar gidan Dagaci Hamma yana ɗaure a haɓar zanen yayarsa Saude. Gidan yana wani ƙauye tsakanin Roni da Gwiwa, mutum arba'in da 'yan kai ke cin tuwo a cikinsa, ban da baƙi, kuma ba a taɓa kwana da yunwa ba.

Tsarinta ba wuya. Da ganin jinjirin wata sai ta zaga ɗakin, ta leƙa tulun manja, ta ɗaga gishirin mangul, ta ƙirga curin daddawa, sannan ta gaya wa Lauwali, baran gidan mai zuwa kasuwar Roni, abin da zai sayo na wata guda. Gero kuwa a daminsa yake zama cikin rumbu, na wata ɗaya kaɗai ake sussukewa, don sussukakke shi ƙwaro ya fi so. Wake a cakuɗa da toka a liƙe bakin tukunya. In sabon kaya ya zo a tura shi ƙurya, a jawo tsohon bakin ƙofa a fara da shi.

A shekarun yaƙin Turawa, bayan kaka, takarda ta zo daga Kazaure cewa Di'o, Baturen mulki, zai fito rangadi ya duba tanadin abinci na ƙauyuka. Hamma ya leƙa ɗakin ajiya, ya ga rabinsa fili, tsofaffin tukwane a gaba, sai hankalinsa ya tashi. Ya ce in Bature ya ga wannan ai cewa zai yi gidan matsiyaci ne. Saude ta ce masa arzikin yana rumbu, ya kai baƙon can. Ya ce Bature bai san dami ba, buhu ya sani.

Ya karɓi mabuɗin. Ya sa aka sussuke rumbu uku, aka ɗura a buhunan gyaɗa na aro, aka jera har rufi. Lauwali ya kai jakuna kasuwa ya kwaso manja da albasa da man shanu na wata huɗu. Tsofaffin kayan Saude aka danne su a baya.

"Dagaci, ɗakin nan ciki yake ciyarwa, ba ido ba," in ji ta.

"Yaya, wannan harkar mulki ce. Ki bar mana."

Ta bar musu.

Di'o bai zo a watan ba, wai zazzaɓi. Wata na biyu, wai ya wuce Babura. Hamma ya hana a taɓa jerin gaba sai abin da ya zama dole, wanda aka ɗiba kuma a maye shi da sabo nan take, kada fuskar ɗakin ta ɓaci. Saboda haka masu girki suka yi ta cin sabo, tsoho yana zaune. Da zafi ya shigo, Saude in ta gifta ƙofar takan ji warin ruɓaɓɓiyar albasa, ta kuma ji wani ɗan ƙas-ƙas daga ƙurya. Abin yana cinta, don ta san kowace tukunya da sunanta. Sau biyu ta yi magana, sau biyu aka ce mata ana gab da zuwa.

A wata na biyar Di'o ya zo. Hamma ya sa an ƙona turaren wuta a ɗakin tun safe. Bature ya tsaya a bakin ƙofa, ya ƙirga buhuna da sandarsa, ya ce ta bakin tafinta bai ga gida mai tanadi irin wannan ba a duk ƙasar. Hamma ya faɗi ya yi gaisuwa har sau uku.

Bayan kwana goma wata takarda ta zo: tun da ƙauyen yana da rara, an ninka masa hatsin da zai bayar don soja, kuma gidan dagaci ne zai fara.

Da aka janye jerin gaba don lodi, sai ga aikin ƙwaro. Buhunan baya sun zama gari da ƙaiƙayi, na ƙasa gara ta cinye gindinsu, man shanu ya yi tsami, albasa ta narke. Hamma ya gwada tura buhu shida na bayan, mai awo a Kazaure ya soka musu ƙarfe ya maido su a kan jakunan da suka kai su. Dole masu kyau suka tafi.

Da la'asar ya shigo cikin gida ya ajiye mabuɗin kusa da tabarmar Saude, kamar mantuwa ya yi. Ta ɗauke shi. Ta tara mata aka fitar da komai rana, aka sheƙe, aka tankaɗe, abin da ya fi ƙarfin mutum aka ba kaji. Ta auna sauran da tiya, ta ce zai kai su sabon gero in an rage baƙi, an kuma yi haƙuri da tuwo mai ɗaci.

Baƙin ba su ragu ba, don labari ya bazu. Har damina ta yi nisa dagatai na zuwa ganin ɗakin da Bature ya yaba, Hamma yana tare su a zaure yana ba su labarin, yana cewa ai sirrin tanadi shi ne shugaba ya sa hannu da kansa.