Da Sauƙin Malam Ya'u

Balkisu 'yar Jiratawa ba ta tsoron allura, balle jini. Madam Malika kaɗai take shakka, malamar da ke duba sitaj ɗinsu, wato koyon aikin jinya, a asibiti nan Maraɗi. Ta riga ta maido mata tsarin jinya sau ɗaya, ta ce in na biyu bai haɗu ba, sai ta maimaita shekara.

Marar lafiyar da aka ba ta Malam Ya'u ne, manomi daga Tsibiri, jiya aka yi mai aikin gwaiwa. Dattijo ne mai kunya, ko ciwo na cin ransa, ka tambaye shi sai ya ce da sauƙi. To wa zai yi wa sa'ar 'yar cikinsa raki? Balkisu ta san halin, haka babanta yake. Sai ta ce ya nuna mata da yatsu, goma shi ne ciwon da ya fi kowane. Ya kau da kai, ya ɗaga takwas.

Nan ta kafa aikinta. A sashen bincike na takardar tsarin ta rubuta takwas ɗin, da bugun zuciya mai sauri, da yadda yake riƙe numfashi in zai motsa. Daga nan ta fitar da matsalar: ciwo mai tsanani sakamakon yanka. Burinta shi ne ciwon ya sauko ƙasa da huɗu awa guda bayan magani. Ta ba shi abin da likita ya rubuta a kan lokaci, ta gyara mai kwanciya, ta koya mai dafe wurin da matashi in zai yi tari.

Da awa ta cika ta koma. Ya ce da sauƙi ƙwarai, Allah ya yi albarka. Yatsu kuwa bakwai. Ta duba fansama, wato bandejin wurin yankan, ba jini, ta sanar da majo, shugaban masu jinya na ɗakin, aka kira likita.

Ƙawarta Tahira ta ce mata ta rubuta buri ya cika mana, ai bakinsa ya faɗa, wa ke kai wa Madam aikin da ya gaza? Gaskiya Balkisu ta ji tsoro. Amma da yatsu ta fara awo, da yatsu za ta rufe. Ta rubuta buri bai cika ba, ta ƙara da sabon tsari a ƙasa.

Madam ta karanta har ƙarshe, fuska ba annuri.

"Ke da kanki kike cewa aikinki bai ci ba?"

"Ciwon ne bai sauka ba, Madam. In na rubuta ya sauka, ba mai sake duba shi."

Madam ta sa hannu, ta ce gobe ta karɓi marar lafiyar gado na gaba ma.